Labarin Ɗan Ɗigo da wayar lantarki, ku duba min kafin in karanta wa yara

Malamar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da 'yan aji huɗu na firamare, kuma zangon nan akwai darasin lantarki, to naga idan na tsaya a allo ina ta bayani barci za su yi, shine na zauna na rubuta musu ɗan labari. Ga shi a taƙaice, don Allah masana ku duba min.

Akwai wani yaro Tanko da ƙanwarsa Ladidi, sai Ladidi ta tambayi kawunsu wai ta yaya wuta ke zuwa cikin ƙwan fitila alhali ita bata ga komai yana tafiya a waya ba. Kawu ya kai su bayan gida ya nuna musu tankin ruwa a sama, yace kunga tankin nan, shine batir. Bututun da ya sauko shine waya. Kan famfo shine makunni. A cikin tanki akwai wani ɗan ɗigon ruwa sunansa Ɗan Ɗigo, da aka buɗe famfo sai ya sheƙo da gudu ta cikin bututu kamar walƙiya, ya iso ƙwan fitila, ya shiga ciki ya zama haske, shikenan aikinsa ya ƙare. Haka ɗigo ke bin ɗigo har tanki ya ƙare, shine ake cewa batir ya mutu.

Ya kuka gani? yaran 'yan shekara tara zuwa goma ne.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam Malama, labarin yayi daɗi wlh amma ni tsoro ya bani. Yara fa abinda ka faɗa musu shi suke ɗauka, kice ruwa ne a cikin waya gobe yaro ya ɗauko kofi ya ɗura ruwa a soket wai zai ƙara wa fitila. Nawa ɗan tunda yaji ance daga Kainji ake kawo wuta yake tambayata ko ruwan dam ɗin ne ke biyo waya har ɗakinmu

Malamar Aji Huɗu:
Hajiya ai bance ruwa ne a ciki ba, kwatance ne kawun yake yi. Amma na ji maganarki, zan sa ya faɗa da bakinsa cewa babu ruwa a waya.

Mai Wayarin:
Ni dai a ganina labarin daidai yake Malama ki barshi haka. Mu da muke aikin kullum haka muke gani, wuta tana shigowa ta layif, jar waya kenan, ta shiga gulob ta ƙare a nan. Hujja kuwa ɗauki tasta ki ɗora a layif zata kama, ɗora a nutural, ɗaya wayar kenan, ba zata kama ba, kenan wutar da ta shiga gulob ya cinye ta

Tsohon Injiniya:
Malama sannu da ƙoƙari, kwatancen ruwa da bututu kwatance ne mai kyau kuma mu ma da shi aka fara koya mana. Amma akwai wurare biyu a labarin da in yaro ya haddace su zai sha wahalar cire su daga kansa in ya je sakandare.

Na farko shine ƙarshen Ɗan Ɗigo. Baya ƙarewa a cikin ƙwan fitila. Abinda ya shiga ta wannan waya, daidai shi yake fita ta ɗaya wayar ya koma batir, ko kaɗan baya raguwa. Shi yasa kowace fitila wayoyi biyu gareta, in da cinyewa take yi ai waya ɗaya ta isa, kamar yadda bututu ɗaya ya ishi famfon tsakar gida. Ki gwada da tocila, cire wayar da take komawa gindin batir ki bar ta zuwa, fitila ba zata kama ba ko da batir sabo ne dal.

Saboda haka batir ba tanki bane da ake kwasa har ya ƙare. Ya fi kama da injin tura ruwa da aka haɗa bakinsa da gindinsa da bututu guda wanda ya zagayo. Ruwan nan dai shine yake ta zagaye, injin turawa kawai yake. Batir in ya mutu ba abin cikin waya ne ya ƙare ba, sinadaran cikinsa ne suka gama aiki ya daina iya turi.

Na biyun zan kawo shi amma bari in amsa wa ɗana mai wayarin tukuna. Tasta ba yawan abinda ke wucewa take aunawa ba, ƙarfin turi take nunawa tsakanin wayar da ƙasa, ta jikinka. Layif tana da kusan folt 230 in aka gwada ta da ƙasa, nutural kuwa an ɗaure ta da ƙasa tun daga tiransifoma shi yasa tasta bata kamawa. Amma ɗauki mitar nan mai baki da ake maƙalawa a waya, mai auna amfiya wato yawan abinda ke wucewa, kunna dutsen guga, maƙala a layif ka karanta, sannan ka maƙala a nutural. In dutsen na wat 1000 ne zaka ga amfiya huɗu da ɗan wani abu a nan, ka ga amfiya huɗu da ɗan wani abu a can.

Mai Wayarin:
Baba wannan gaskiya ne na taɓa ganin nutural ta ƙone a gida kuwa, in babu komai a cikinta me zai ƙona ta. Amma to in duk abinda ya shiga ya fita, kuɗin me muke biya? mita me take ƙirgawa

Tsohon Injiniya:
Aikin da turin yayi kake biya. Ka sa 'yar farfela a tsakiyar bututun nan mai zagaye, ruwa ya buge ta tana juyawa, ruwan da ya wuce ta bai ragu ba ko cokali ɗaya amma ƙarfinsa ya faɗi, sai ya koma wajen inji an sake tura shi. To ƙwan fitila shine farfelar. Mita tana haɗa ƙarfin turi da yawan abinda ya wuce da tsawon lokaci. Dutsen guga mai wat 1000 in yayi awa ɗaya a kunne shine yunit ɗaya.

Bakanike:
Oga ai abinda kuke faɗa a mota muke ganinsa kullum. Ruwan lagireto ba fita yake ba, famfon ruwa na inji ke tura shi ya zaga cikin inji ya dawo lagireto ya sake komawa, in mota lafiyarta ƙalau sai kayi wata da watanni baka ƙara ruwa ba. Malama ki sa kawun ya zama bakanike kawai ya buɗe musu bonet 😄

Malamar Aji Huɗu:
Kai wannan shawara ta shige ni, don yara da yawa a ajin iyayensu masu gareji ne ko direbobi. Sai dai inaga 'yan matan ba lallai sun taɓa leƙa bonet ba, tanki kuwa kowa ya sani. Baba muna jiran na biyun.

Tsohon Injiniya:
Na biyun shine gudun Ɗan Ɗigo. Kin ce ya sheƙo kamar walƙiya daga tanki har fitila. Abin mamakin shine ƙwayoyin da ke motsi a cikin waya, ilektiron, tafiyarsu ta fi ta katantanwa nawa. A wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5 irin ta fitilun gida, in amfiya ɗaya ke wucewa, abinda suke matsawa gaba a awa guda bai wuce santimita 18 ba, taƙi ɗaya kenan ko ƙasa da haka.

To me yasa kina taɓa makunni fitila ke kamawa nan take? Saboda wayar a cike take tun kafin a kunna. Ilektiron ɗin ba daga batir suke fitowa su shiga wayar da babu kowa ba, na jikin jan ƙarfen ne, suna nan tun ranar da aka ƙera wayar, har a cikin ƙwan fitilar ma akwai su. Da an kunna, turin ne yake ratsa wayar da gudu kusa da gudun haske, kowa ya motsa kusan lokaci ɗaya, wanda yake cikin fitila tuntuni shine ya fara aiki ba wanda ya taso daga batir ba.

Ni da zan rubuta labarin, bututun a cike zan fara da shi. In yaro ya kama wannan da maganar zagaye, to ya kama lantarki.

Mai Gyaran Famfo:
Wannan ni zan bada shaida. Gidan da layinsa yake cike da ruwa kana murɗa kan famfo ruwa ke zubowa ko da tankin yana hawa na uku, don ruwan da ya fito ba na tanki bane na bakin famfon ne, na tanki turowa yayi kawai. Amma sabon tiyo da babu komai ciki ko layin da ya kwana biyu babu ruwa, sai ka tsaya kana jin iska tana fita fuu fuu kafin ruwa ya iso. Kenan waya bata taɓa zama irin na biyun ba kenan Baba?

Tsohon Injiniya:
Bata taɓa ba. Babu wayar da take wofi.

Ɗan Sola:
Salam jama'a ban karanta duka ba amma naga ana maganar waya. Ni matsalata na haɗa batir mai folt 12 a shago, na ja waya zuwa ɗaki kamar mita goma, fanka da fitilu da 'yar talabijin duka wat 60 ne, amma fankar bata gudu sosai kuma talabijin tana ɗaukewa tun batir bai yi ƙasa ba, wayar 1.5 ce sabuwa. batirin ne ko me

Maman 'Yan Biyu:
Malam labarin yara fa ake tattaunawa

Tsohon Injiniya:
Ku barshi Hajiya, tambayarsa ta faɗo daidai inda kwatancen bututu ya fi aiki, Malama ma zata samu abin sakawa a labari.

Ɗana mu lissafa. Wat 60 a kan folt 12, raba 60 da 12, amfiya 5 kenan ke bin wayar. Nisa mita goma ne amma wayar mita ashirin ce, don akwai zuwa akwai dawowa. Wayar jan ƙarfe 1.5 tana da turjiya kusan om 12 a kowace kilomita, mita ashirin kenan om 0.24. Ƙa'idar da Georg Ohm ya fitar a 1827 ita ce

```
V = I × R
```

wato turin da ya ɓace a hanya shine amfiya sau turjiya. 5 sau 0.24 ya bada folt 1.2. Batirinka in yana 12.2 abinda ke isa ɗaki 11 ne, talabijin kuma taga kamar batir ya yi ƙasa sai ta ɗauke. Wannan ma in wayar jan ƙarfe ce ta gaske kuma kaurinta ya cika, don akwai masu alminiyon a ciki da aka shafa musu jan ƙarfe a sama, su asararsu ta fi haka.

Yadda zaka gane, kunna komai da komai, auna a kan batir, sannan ka je ɗaki ka auna a ƙarshen waya. In bambancin ya kai folt ɗaya to waya ce ba batir ba. Kar ka auna kaya a kashe, zaka ga lamba ɗaya a duka wuraren ta ruɗe ka, don in babu abinda ke wucewa babu asara. Magani ka sa waya mai kaurin 4, turjiyarta kusan om 4.6 a kilomita, asarar zata sauko ƙasa da rabin folt. Ko ka matso da batirin kusa da ɗakin.

Mai Gyaran Famfo:
Sak irin namu. A ja layi mai nisa da bututun rabin inci, famfo a rufe in ka sa geji firesha lafiya lau, ana buɗewa sai ruwa ya riƙa zuwa kamar fitsarin jariri. Mu ma inci ɗaya muke canzawa

Ɗan Sola:
To amma Baba wannan wayar 1.5 ɗin ita ce a gidanmu na wutar Nepa kuma tafi mita goma bata taɓa bamu matsala ba

Tsohon Injiniya:
Saboda can turin folt 230 ne. Wat 60 ɗin nan a 230 amfiya 0.26 kawai yake buƙata, kusan kashi ɗaya cikin ashirin na abinda kake ja a batir. Asarar a waya iri ɗaya bata kai folt 0.1 ba, cikin 230 wa zai lura. In turi yana da ƙarfi ruwa kaɗan ke yin aikin, in turi kaɗan ne sai an tura ruwa mai yawa, ruwa mai yawa kuma bututu mai faɗi yake so.

Ɗan Sola:
Allah ya saka da alheri, gobe zan ari mita in auna

Malamar Aji Huɗu:
Baba lissafin nan ya fi ƙarfin 'yan aji huɗu amma zan ɗauki siririn bututu da faffaɗa, in sa Ɗan Ɗigo da 'yan uwansa suna matsuwa a siririn wuri har wurin yayi zafi. Tambayata ɗaya, a tsohon labarin akwai wajen da na cire kafin in turo, ɓera ya ciji waya sai ɗigogin suka zube a ƙasa fitila ta mutu. In mayar da shi? yara suna son ɓera a labari

Tsohon Injiniya:
Ɓeran ya zauna amma zubewar ta fita. Nan ne kwatancen ya karye. Bututu in ya fashe ruwa zuba yake, waya in ta tsinke babu abinda ke zuba, komai tsayawa yake cak a duk zagayen, gaba da bayan wajen da ya tsinke, saboda iska bata ba su hanya. Kamar a ce bututun da ya yanke yana toshe bakinsa da kansa. Makunni ma abinda yake yi kenan, tsinka hanyar yake da gangan. Shi yasa soket da babu komai a jikinsa baya ɗigar da wuta a ɗaki.

Mai Wayarin:
A nan kam Baba ku yi haƙuri ban yarda a faɗa wa yara haka ba. Kuce musu waya in ta tsinke komai ya tsaya cak, sai damina tazo iska ta tsinko waya daga turke ta faɗo a lungu yaro yace ai Malama tace babu komai ciki ya ɗauka. Mu mun san abinda tsinkakkiyar waya take yi, a unguwarmu akuya ta taka wata a jiƙaƙƙiyar ƙasa ko shurawa bata yi ba. Gara a bar musu cewa zuba take yi su ji tsoro

Maman 'Yan Biyu:
Yauwa, abinda nake ta faɗa kenan tun ɗazu. Ni dai tsaron ran yaran ya fi min komai

Tsohon Injiniya:
Ka yi gaskiya ɗana kuma maganarka ta fi tawa muhimmanci a wajen yaro. Abinda ya tsaya shine tafiyar, turin yana nan daram a ɓangaren da ke haɗe da tiransifoma, jira yake a bashi hanya. Wanda ya taɓa shine ya zama hanyar, ta jikinsa zuwa ƙasa, ƙasa kuma ta mayar tiransifoma, zagaye ya cika. In wayar tana kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa ma tana iya samun hanya ta ƙasar kanta, shi yasa ko kusa ba a zuwa. Tsuntsu yana zama a waya ɗaya lafiya don bai haɗa ta da komai ba.

Ruwa kuma ga inda ya shigo da gaske Hajiya. Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa, jiƙaƙƙiya kuwa jikin mutum yana iya saukowa wajen om 1000. Raba 230 da 1000, amfiya 0.23. Na'urar kariya da ake sakawa don ceton rai a amfiya 0.03 take yanke wuta, kinga an ninka wannan sau bakwai da wani abu.

Inda ban bi ka ba shine a ce musu zuba take yi. In yaro ya ɗauka zuba take, zai ɗauka in ta daɗe a ƙasa ta tsiyaye ta ƙare kamar tanki. Gaskiyar ta fi ban tsoro, bata zuba, bata ƙarewa, bata da alama, tana nan tana jira.

Mai Wayarin:
Hmm. wannan na jira ɗin yayi. Amma ni har yanzu ina ganin yaro ɗan shekara tara bazai riƙe bambancin turi da tafiya ba, abu ɗaya zai ɗauka ya tafi gida dashi, to ya zama na tsoron ne

Malamar Aji Huɗu:
Yayana kar ka raina su, yaran da ke haddace izu biyar. In an basu a labari suna riƙewa. Ga yadda na juya shi yanzu ku gani.

Kawu ya ɗauko dogon tiyo ya cika shi da ruwa taf, ya haɗa bakinsa biyu a jikin ɗan injin turi, ya zama zobe. A tsakiya akwai farfela. Yace wa Ladidi, a cikin tiyon nan akwai Ɗan Ɗigo da 'yan uwansa dubu dubai, a jere suke kafaɗa da kafaɗa babu masaka tsinke, suna zaune shiru. Da aka tada inji sai ya tura na kusa da shi, shi ma ya tura na gabansa, kafin ƙiftawar ido turin ya zaga ko'ina, farfela ta hau juyawa alhali Ɗan Ɗigo ko taku ɗaya bai gama ba. Ladidi tace to Kawu yaushe zai iso farfela? Kawu yace sai a hankali, kuma in ya iso wucewa zai yi ya zagayo gida, ba a rasa kowa a tafiyar nan. Sannan Kawu ya ɗauko tocila yace, a cikin waya ba ruwa bane, ruwa da lantarki ma basa haɗuwa, wasu ƙananan abubuwa ne da ido baya gani amma haka suke a jere suna jiran turi. Sai ɓera ya ciji waya, kowa ya tsaya cak fitila ta mutu. Tanko ya miƙa hannu zai kama bakin wayar Kawu ya riƙe shi, yace wannan ta tocila ce turinta kaɗan ne, amma ta bango da ta kan turke in ta tsinke turin yana nan yana neman hanya, wanda ya taɓa shi zai zama hanya, in ka ganta ka tsaya nesa ka kira babba.

Maman 'Yan Biyu:
Wannan ya fi min na farko nesa ba kusa ba. Amma ki ƙara cewa ba a taɓa makunni ko caja da jiƙaƙƙen hannu, kuma ni da kin raba shi biyu, ranar ruwa daban ranar waya daban, don kar su haɗe a kansu

Mai Gyaran Famfo:
Malama in kina so su gani da ido, nemi farin tiyon nan da magina ke duba lebur da shi, wanda ake ganin ciki, kamu uku ya isa, da sirinji biyu manya marasa allura. Cika tiyon da ruwa kar ki bar iska ko kaɗan don iska ita ke ɓata abin, sai ki sa sirinji a kowane baki. Yaro ɗaya ya ɗan danna nan kaɗan, na can zai ji nasa ya turo hannunsa nan take. Ki sa ɗan guntun zare mai launi a tsakiyar tiyon su ga shi ɗan kaɗan ya matsa

Tsohon Injiniya:
Madalla da wannan. Kuma in yaran biyu suka riƙa yi wannan ya danna wancan ya danna, zaren yana gaba yana baya a wuri ɗaya, to sun ga irin wutar gida kenan. Ta batir gefe ɗaya take tafiya, ta bango kuwa kai da komowa take sau 50 a daƙiƙa, ilektiron ɗin cikin wayar ɗakinku basu taɓa zuwa Kainji ba kuma ba zasu je ba. Hajiya ki faɗa wa ɗanki ruwan dam yana juya manyan injuna ne ya wuce abinsa cikin kogin Kwara, turin kawai ake aikowa ta waya.

Amma Malama ni ba zan sa wannan a labarin 'yan aji huɗu ba, a tsaya a batir.

Bakanike:
Ni kuma ina ganin a saka, ai wutar da suka sani kenan a gida ba ta tocila ba, wace tocila ma yanzu kowa da waya yake haskawa. In basu ji a nan ba a ina zasu ji

Malamar Aji Huɗu:
Zan gani, in tiyon ya samu inaga zan bari su yi wasan gaba da baya ba tare da na cika su da bayani ba, wanda ya tambaya in amsa masa. Baba na gwajin fitilar fa me zan saya? ina so kowane rukuni su haɗa da hannunsu su cire waya ɗaya su ga ta mutu

Tsohon Injiniya:
Batir biyu irin na rediyo ko na agogon bango masu folt 1.5, in an jera su kai da gindi sun zama 3. Ƙaramin ƙwan tocila na da mai zare a ciki, wanda aka rubuta 2.5 a jikinsa, yana jan wajen amfiya 0.3, da guntayen waya biyu da salatif. In ƙwan ya yi wuyar samu sai ƙananan fitilun nan masu ƙafa biyu da masu gyaran rediyo ke sayarwa, ja zaki ce a ba ki, a haɗa miki da resisto, ɗan abin da ke rage yawan abinda ke wucewa, mai om 100 don kar ta ƙone, kuma ita gefe ɗaya take kamawa, doguwar ƙafa ce ke zuwa kan batir, in bata kama ba a juya ta. Ki sa ido kar yaro ya haɗa kan batir da gindinsa da waya kai tsaye babu fitila a tsakani, wayar zafi take yi har ta ƙona yatsa kuma batirin ya mutu da wuri. Batirin waya da na mota da na sola kar su shigo ajin sam, balle soket.

Mai Wayarin:
Guntayen waya kar ki saya Malama ina da su buhu guda, zan fere miki bakinsu in aiko. Rukuni nawa ne

Malamar Aji Huɗu:
Takwas ne yayana, kowanne waya biyu, in da hali ka ƙara 'yan kaɗan don wasu zasu ɓatar. Na gode ƙwarai